Gyambon ido a karnuka: yadda ake gano shi da haɗarin ɗiga maganin sitiroyid

A ƙasar Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, mafi yawan karnuka na aiki ne: na farauta, na rakiyar garke ko na gadin gida. Da rani, lokacin da mafarauta ke kutsawa cikin duwatsu da sarƙaƙiya, ƙaya da ƙarangiya da ƙurar hunturu kan raunata idon kare. Raunin da ya fi yawa shi ne gyambo a kan tantanin nan mai haske kamar gilashi da ya rufe baƙin ido, wanda likitoci ke kira koniya.

Kaurin wannan tantani a idon kare bai fi rabin milimita da ɗan kaɗan ba. A samansa akwai siririyar fata mai hana ruwa da ƙwayoyin cuta shiga. A ƙarƙashinta akwai tsoka mai kauri, wadda ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na tantanin, sai kuma wani ɗan shamaki na ƙarshe a can ciki. Gyambo na samuwa ne idan fatar saman ta kwaile, tsokar ta fito fili. Kare zai riƙa runtse idon, yana hawaye ko kwantsa, yana gudun rana, yana susa da ƙafa.

Sau da yawa ba a ganin raunin da ido kawai, shi ya sa likitan dabbobi ke amfani da rinin fulorasin, wanda masanin Jamus Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1871. Rinin kan zo a jikin 'yar siririyar takarda mai launin lemo. Likita zai jiƙa ta da ruwan gishirin asibiti, ya taɓa farin idon da ita, ya bari kare ya ƙifta, sannan ya wanke rarar. Lafiyayyar fatar saman ba ta kama rinin, amma tsokar da ta fito fili tana shan sa, sai wurin ya yi kore shar, musamman idan an haska shuɗiyar fitila cikin duhu.

Siffar koren ita ce ke nuna girman matsalar. Tabo kore marar zurfi ƙaramin gyambo ne. Idan kuwa aka ga zobe kore da tsakiya mai duhu wadda ta ƙi kama rini, to ramin ya kai ga shamakin ƙarshe, domin shi ma ba ya shan rinin. Irin wannan ido yana gab da fashewa.

Haɗarin sitiroyid ya fi fitowa fili a misali. A ɗauka karen wani mafarauci a Roni ya dawo daga daji idonsa ya yi ja. Mai shi ya ɗauko ragowar maganin ɗigawa da aka saya a kemis lokacin afolo, mai ɗauke da deksametason haɗe da maganin kashe ƙwayoyin cuta. A ranar farko jan ya ragu, kare ya buɗe ido, sai a zaci sauƙi ya samu. Amma sitiroyid kumburi kawai yake kwantarwa. Yana jinkirta tsirowar sabuwar fata a kan raunin, yana raunana garkuwar ido, kuma yana ƙara ƙarfin sinadaran da ke narkar da tsokar tantanin. Idan ƙwayar cuta irin sudomonas ta shiga, tantanin kan yi fari-fari, ya yi laushi kamar kamu, ya narke cikin awa 24 zuwa 48. Maganin kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin kwalbar ba ya kawar da wannan haɗari.

Da an fara duba idon da rini, likita zai ɗaga fatar idon ya nemi ƙaya ko tsinken ciyawa da ya maƙale, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta zalla kamar kuloramfenikol, tare da na rage zogi, a kuma sa wa kare kwalar roba don hana susa. Ƙaramin gyambo kan rufe cikin kwana 5 zuwa 7, kuma maimaita gwajin ne ke tabbatar da haka. Mai zurfi yana iya buƙatar tiyata a wuri irin Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma ko ya warke yakan bar hakiya.

Sitiroyid, ko deksametason ne ko betametason ko firednisolon, yana da amfani a wasu cututtukan kumburin ido. Ƙa'idar likitocin dabbobi ita ce ba a ɗiga shi sai rinin fulorasin ya nuna babu kore ko kaɗan.