Tazarar tabbaci

Tazarar tabbaci (suna, mace, jam'i: tazarorin tabbaci). A ilimin ƙididdiga, iyakoki biyu da ake kyautata zaton ainihin matsakaicin maki yana tsakaninsu. Idan ɗalibai kaɗan suka zauna jarrabawa, ana amfani da rabon t na William Gosset (1908) maimakon z, domin s kanta kintace ce daga mutum kaɗan: x̄ ± t × s/√n.

Misali: ɗalibai 9, matsakaici 60, s = 12. A matakin kashi 95 cikin ɗari, t = 2.306, tazarar ta kama daga 50.8 zuwa 69.2. Da an ɗauki 1.96, da ta ƙuntata fiye da kima. Maki ɗaya da ya yi nisa da sauran yana iya karkatar da ita.