Ɗigo 64 a Faranti: Daga Hamburg zuwa Kogin Rima

A shekarar 1892 kwalara ta kashe mutane fiye da 8,000 a birnin Hamburg na Jamus, inda ake shan ruwan kogin Elbe ba tare da tacewa ba. Maƙwabciyarsa Altona, wadda ke tace ruwan kogin da yashi, ta tsira da ɓarna kaɗan. A 1893 Robert Koch ya kafa ma'auni: tataccen ruwa kada ya wuce ƙwayoyi 100 a mililita guda. To, yaya ake ƙirga abin da ido ba ya gani?

Dabarar ita ce a bar kowace ƙwaya mai rai ta hayayyafa a kan daskararren abinci har ta zama ɗigon da ake gani. Fanny Hesse ce ta ba da shawarar daskarar da abincin da aga, wanda zafi ba ya narkarwa kamar jelatin, Julius Petri kuma ya kawo faranti mai murfi a 1887.

A ɗauka an ɗebo ruwan kogin Rima a Augie. Ƙwayoyinsa sun yi yawa, sai an tsarma shi. Ana zuba mililita 1 cikin mililita 9 na ruwan gishiri marar ƙwaya, a girgiza, a ɗebi mililita 1 daga nan zuwa kwalba ta biyu. Ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin 100 ke nan. Idan aka shafa mililita 0.1 a faranti, ɗigo 64 suka fito bayan kwana biyu, lissafin shi ne 64 × 100 × 10, wato 64,000 a mililita. Wanda ya manta da 10 na ƙarshe ya rage adadin ninki goma.

A 1916 Breed da Dotterrer suka nuna cewa ba kowane faranti ne abin dogaro ba. Daga aikinsu aka samo ƙa'idar ƙirga mai ɗigo 30 zuwa 300 kawai. Ƙasa da haka, sa'a ke rinjaye. Sama da haka, ɗigo suna haɗewa. Kamata ya yi kowane faranti ya nuna kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda ya gabace shi. In aka ga 64 sannan 40, wataƙila ba a canza bakin bututun ɗiba ba, ko ba a girgiza ba. Ruwan da ya yi tafiya zuwa Birnin Kebbi cikin zafi ba ƙanƙara kuwa, ƙwayoyinsa kan ƙaru ko su mutu a hanya.

Lissafin yana da iyaka. Dunƙulen ƙwayoyi ɗigo ɗaya yake bayarwa, wasu kuma ba sa tsirowa sam. Haka nan jimillar ba ta faɗin ko akwai kwalara, wadda ta addabi Kebbi a 2021. Wannan sai faranti na musamman, TCBS. Ma'aunin Koch na auna aikin matata ne.