Yadda Ake Gane Hoton Haɗi: Inuwa, Ido, Kunne Da Haƙora

Duk mai bibiyar harkar fim ya san wannan: ka tashi da safe ka tarar da hoto yana yawo a gurup, wai ga jaruma wance da wani mawaƙi a ɗakin otal, ko ga ta da wani alhaji an ce an ɗaura aure a ɓoye. Kafin azahar an tura shi ko'ina, masu zagi sun fara. Irin wannan hoton yana iya kashe aure ko ya hana baiko, kuma wanda ya tura shi gaba ya sa hannu a ƙazafi ko da bai sani ba. Shi ya sa na tattara abin da na koya kan gane hoton haɗi, wato hoton da aka yanko mutum daga wani wuri aka manna shi a wani, ko aka ɗora fuskar wani a jikin wani.

Abu ɗaya za ka riƙe. Mai haɗa hoto yana iya yanko mutum tsaf, amma mutumin yana tahowa ne da hasken wurin da aka ɗauke shi. Hasken nan shi ke tona asiri.

Bari mu fara da wani tsohon misali daga Amurka. A shekarar 2005, lokacin da ake ta raɗe-raɗin soyayya tsakanin Brad Pitt da Angelina Jolie, mujallar Star ta buga hotonsu a bangonta suna tafiya tare a bakin teku. Ashe shi an ɗauke shi ne a tsibirin Anguilla a Janairun 2005, ita kuma a jihar Virginia a 2004. Can a shafin ciki suka ɗan rubuta cewa haɗi ne, inda ba kowa zai lura ba. Wani masanin binciken hotuna, Hany Farid, shi da abokin aikinsa Micah Johnson sun yi amfani da hoton wajen nuna yadda haske ke fallasa haɗi. Inuwar Jolie a kan yashi, da inuwar ƙarƙashin haɓarta, da yadda fuskarta ta haskaka gaba ɗaya, duk suna nuna inda rana take. Idan rana tana wurin, akwai gefen fuskar Pitt da dole ya sha haske, amma sai ga shi a cikin inuwa. Rana ɗaya ce a sama, ba za ta haska mutum biyu da ke jere daga ɓangare biyu ba.

To ya za ka gwada da kanka? Ba sai kana da kwamfuta ba. Ka yi sikirinshot, ka buɗe shi a wurin editin na wayarka inda ake zana layi. Nemi wani tsini a jikin inuwa wanda ka tabbata ka san abin da ya haifar da shi, misali saman inuwar hula. Ja layi miƙaƙƙe daga saman inuwar hular zuwa saman hular kanta, ka zarce da shi ta kowane ɓangare. Sai ka yi haka da mutum na biyu, daga inuwar kafaɗarsa zuwa kafaɗar. Sai ka ƙara da wani abu da ke wurin tun asali, kamar turken wuta ko kusurwar mota. Idan hoton gaskiya ne kuma rana ce kaɗai ke haskawa, duk layukan za su nufi wuri ɗaya su haɗu. Dalili kuwa, haske a miƙe yake tafiya, don haka rana da abu da inuwarsa kullum a kan layi ɗaya suke. Idan ranar tana gaban mai ɗaukar hoto, za su haɗu a sama inda ranar take, ko da ba ta fito a hoton ba. Idan tana bayansa, sai su haɗu ta ƙasa. Wani lokacin mahaɗar tana can wajen hoton, sai dai ka bi da ido ka ga ko sun nufi waje guda.

Amma fa layi biyu ba hujja ba ne, don kusan kowane layi biyu suna haɗuwa a wani wuri. Sai uku zuwa sama. A ce na hula da na turke da na mota sun haɗu a sama ta hagu, na jarumar kuma ya bauɗe ya nufi dama shi kaɗai, to ita aka manna.

Akwai kuma abubuwan da ido ke gani ba sai an zana ba. Da tsakar rana a ƙasarmu inuwa gajeriya ce, tana nan ƙarƙashin ƙafa, ramin ido da ƙarƙashin hanci su yi duhu. Da la'asar sakaliya kuwa ta yi tsawo. In ka ga namiji da gajeriyar inuwa, macen da ke gefensa da doguwa, ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba. Haka bakin inuwa: rana mai zafi tana ba da inuwa mai kaifin baki, ranar hazo ko hadari kuma bakinta dishi-dishi ne. Sannan ka leƙa ƙarƙashin takalmi. Duk abin da ya taka ƙasa yana da siririyar inuwa mai duhu daidai inda ya taɓa. Masu fotoshof na gaggawa suna yawan mantawa da ita, sai mutum ya zama kamar yana lilo a iska. Shi ya sa ma da yawansu suke yanke hoton daga gwiwa.

Kada dai ka yarda da idonka ɗari bisa ɗari a kan inuwa. Akwai hoton Lee Harvey Oswald, wanda aka zarga da kashe Shugaba Kennedy a 1963, yana tsaye a bayan gida da bindiga. Shekara da shekaru mutane na cewa haɗi ne, don inuwar hancinsa ta sauka ƙasa, ta jikinsa kuma ta karkata gefe. A 2009 shi wannan Farid ɗin ya gina siffar kai da jiki a kwamfuta ya haska ta da haske ɗaya, sai ga inuwoyin biyu sun fito kamar na hoton. Ma'ana, inuwa biyu su fuskanci waje daban-daban bai isa ba, tudu da kwari da yadda mutum ya karkata duk suna sauya kamanninta. Layin nan dai shi ne alƙali. Kuma a wurin biki ko lokeshin, inda fitilu suka kai biyar, gwajin layi ba ya aiki, don kowace fitila da tata inuwar.

A irin wannan wurin sai ka koma ga ido. Ƙwayar ido kamar ƙaramin madubi take, tana nuna fitilar da ta haska mutum. Ka yi zumin sosai za ka ga ɗan farin ɗigo. Ɗauki idon kamar agogo. Mutum biyu da ke zaune kafaɗa da kafaɗa suna kallon kyamara, idan ɗigon ɗaya yana wajen ƙarfe 10, na ɗayan ma a kusa da nan zai kasance. In na ɗayan yana ƙarfe 2, da sake. Siffarsa ma tana magana. Fitilar nan mai kamar zobe da 'yan TikTok da masu kwalliya ke amfani da ita tana barin da'ira a ido, taga tana barin murabba'i, filashin waya kuma ɗigo ƙarami a tsakiya. To jaruma da zobe a idonta, wanda aka ce suna tare da ɗigo biyu a nasa, ɗaki ɗaya kuwa? Da wannan aka taɓa gano cewa wani hoton alƙalan gasar waƙa ta American Idol da mai gabatar da shirin haɗi ne, don ɗigon idanunsu bai zo iri ɗaya ba.

Madubi da gilashin mota da tabarau da tayil mai sheƙi duk haka suke. Mai haɗi yakan manna mutum ya manta bai sa shi a madubin da ke bayansa ba, ko ya goge wani amma surarsa ta rage a jikin mota. Ni abin da nake fara dubawa ke nan a hotunan ɗakin otal, don da wuya ka ga ɗakin da babu madubi ko talabijin a kashe.

Kunne da haƙora kuwa aikinsu daban ne. Su suna amfani ne idan fuska aka sauya, jiki na wata, fuska ta wata. Yawancin manhajojin sauya fuska daga goshi zuwa haɓa suke ɗauka, kunne na mai jikin ne yake zama. Kunnen kowa kuma da irin nasa: wani fatar ƙasan kunnensa a manne take da gefen fuska, ta wani tana reto, wani kunnensa a kwance, na wani a buɗe. Sai ka nemo hotuna biyu ko uku na gaskiya daga shafin jarumin, waɗanda ya juya kai kamar yadda yake a wanda ake zargi, ka jera su. Ka duba yawan hujin kunne, ka duba ko launin kunnen ya yi daidai da na kumatu. A hoton da manhaja ta ƙirƙira kuma, sau da yawa ɗan kunnen dama ba ya kama da na hagu, ko ya narke cikin fata. Matsalarmu a nan ita ce ɗankwali da hijabi suna rufe kunnen mata, don haka ya fi aiki a kan maza. Kuma ka kula, kyamarar gaba ta waya takan juya hoto, kunnen hagu ya koma dama. Kafin ka ce kunne ya bambanta, duba rubutun riga ko hannun da agogo yake, ka tabbata ba a juye hoton yake ba.

Haƙora ba su da wahala. Mai wushirya ba ta wayar gari babu ita, haƙorin Makka ba ya tashi daga hagu ya koma dama sai in hoton a juye yake. Manyan haƙoran gaba na sama biyu ne, kuma tsakaninsu yakan zo kusan daidai da tsakiyar hanci. In ka ga uku masu girma ɗaya, ko farin layi guda babu rabuwa, ko haƙori ya hau kan leɓe, akwai hannun na'ura. A bidiyo ka tsayar daidai lokacin da baki ya buɗe, nan suke yawan dagulewa. Sai dai filtar kwalliya ma tana goge tsakanin haƙora ta mayar da su fari fat, kuma mutum na iya zuwa wurin likita a gyara masa. Don haka haƙori shi kaɗai ban cika yanke hukunci da shi ba, sai ya haɗu da wata alamar.

Wani abin takaici shi ne WhatsApp yana matse hoto, in kuma an yi ta sikirinshot ana sake turawa, sai ɗigon ido da tsakanin haƙora su narke gaba ɗaya. A nan inuwa ce kawai ke tsira, don ita babba ce. Idan za ka iya, ka saka hoton a Google Lens ka nemi mafi girma kuma mafi tsufa. Sau da yawa a nan za ka ci karo da asalin hoton, jarumar tana tsaye ita kaɗai a wurin wani biki, da kayan nan dai da murmushin nan, shekara biyu kafin a ce an gan ta a otal.