Zanen Matsi da Yawan Jini na Zagayen Zuciya

Zane ne da ke nuna bugu ɗaya na ɗakin hagu na ƙasa na zuciya: yawan jini a layin kwance, matsi a layin tsaye. Ana bin sa kishiyar juyawar hannun agogo. Gefen ƙasa cikowa ce, daga kusan mililita 50 zuwa 120. A gefen dama matsi yana hawa alhali yawan jini bai canza ba, domin ƙofofin ɗakin duka a rufe suke. Da matsi ya kai kusan 80 mmHg sai ƙofar babbar jijiya ta buɗe, jini ya fita. A gefen hagu tsokar tana saki. Faɗin zanen, mililita 70, shi ne jinin bugu ɗaya.