Giɓi a tarihin aiki: yadda ake amsa tambayar a wurin ganawar ɗaukar ma'aikata

Giɓi a tarihin aiki shi ne lokacin da ke tsakanin barin wani aiki da kama wani, wanda takardar tarihin aiki, wato CV, ba ta faɗi komai a kansa ba. Mai ganawa yakan tambaya don ya san abu uku: me ya raba ka da aikin baya, me ka yi a tsakani, kuma ko matsalar ta wuce.

Inda giɓin ya fito

A Parakou, giɓin mutane da yawa yana da sanadin da kowa ya sani. Garin mahaɗa ce ta manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar ruwan Kwatano zuwa Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyakar Malanville da Gaya. CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta a rufe. Aiki ya ja baya ga direbobi, bakanikai da masu kula da ma'ajiyar kaya. Wanda wannan ya shafa bai kamata ya ɓoye ba, domin mai ganawar ma ya ga abin da idonsa.

Misali

A ɗauka wani mazaunin unguwar Titirou yana kula da ma'ajiyar wani kamfanin sufuri, aka sallame shi a ƙarshen Oktoban 2023. Ya koma kabu-kabu, wanda a nan ake kira zem, sai a ƙarshen Afrilun 2025 aka kira shi ganawa. Giɓinsa wata 18 ne. Mai ganawa ya ce: "Malam, ban ga komai ba a takardarka bayan 2023." Amsar da ta dace ita ce:

"Gaskiya ne, yallaɓai. Bayan rufe iyaka kaya suka daina zuwa, kamfani ya rage ma'aikata a Oktoban 2023, ga takardar shaidar aikina. Daga Nuwamba na karɓi babur ina kabu-kabu, ina kai wa mai shi kuɗinsa duk mako, ina rubutawa a wannan littafi. Lissafin shiga da fita shi ne sana'ata, kuma a shirye nake in fara ranar da kuka ce."

Amsar ba ta kai minti ɗaya ba, amma ta kawo dalili, lokaci da shaida, sannan ta koma kan aikin da ake nema. Tunda galibi da Faransanci ake ganawa, a shirya ta da Faransanci tun a gida, a maimaita da baki har ta zauna.

Takardun da ke tsaya wa mutum

Dokar ƙwadago ta Benin ta 1998 ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki idan kwangila ta ƙare, ɗauke da ranar shiga, ranar fita da irin aikin da ya yi. Idan an yi maka rajista a asusun CNSS, watannin da aka biya maka suna rubuce a can. Saboda haka jan ranar barin aiki gaba don a rufe giɓi kuskure ne babba: da zarar CV ta saɓa wa takarda, maganar ta tashi daga zaman banza ta koma ta ƙarya, wadda ta fi wuyar gyara.

Kabu-kabu, talla a kasuwar Arzeke ko noma a ƙauye ba su da irin wannan takarda. A nan littafin lissafi, rasit, ko lambar wanda ka yi wa aiki, da izininsa, su ne shaida. A sa su a CV da watanninsu.

Abin da ba giɓi ba ne

Hutun haihuwa na mako 14 da doka ta tanada ba ya yanke kwangila, don haka ba a lissafa shi. Mai aikin gurzar auduga kuwa ya rubuta cewa aikin na kaka ne, don a gane dalilin watannin da ke tsakani.

Inda ake yin tuntuɓe

Zagin tsohon maigida yana sa mai ganawa ya ɗauka gobe shi za a zaga. Dogon labarin wahala kuma yana cinye lokacin da ya kamata ka nuna abin da ka iya. Idan jinya ce, taka ko ta mahaifi a Djougou, jumla ɗaya ta isa: ka yi jinya daga wata kaza zuwa wata kaza, yanzu ba abin da zai hana ka zuwa aiki kullum. Ba sai ka faɗi sunan cutar ba.

Idan mai ganawa ya wuce zuwa batun aikin kansa, amsarka ta shiga. Idan ya sake dawowa kan watanni, akwai ranar da ba ta daidaita ba: ka miƙa masa takardar, kada ka ƙara bayani.