Yadda Girman Ƙwaya Ya Zama Launi: Daga Leningrad Zuwa Allon Talabijin

Masu narka gilashi sun daɗe da sanin wani abu da ba su iya bayaninsa ba. Idan suka zuba sinadarin kadmiyam a narkakken gilashi, wani lokaci ya fito rawaya, wani lokaci ruwan lemo, wani lokaci ja, alhali haɗin bai canza ba. Bambancin yana zuwa ne daga zafin wutar da aka ba shi da kuma daɗewarsa a kai. Sai a farkon shekarun 1980 aka gano dalili: a cikin gilashin akwai ƙwayoyin kiristal mitsi-mitsi, kuma girmansu ne ke yanke launi.

A Cibiyar Vavilov ta nazarin haske da ke Leningrad, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Alexei Ekimov ya ɗauki wannan tambaya. Ya haɗa gilashi da gishirin jan ƙarfe, CuCl, ya gasa shi a zafin digiri 500 zuwa 700, wani na awa ɗaya, wani har awa 96. Da ya auna da hoton eksire, sai ya tarar ƙwayoyin sun kama daga kusan nanomita 2 zuwa 30. Nanomita ɗaya shi ne milimita ɗaya a raba gida miliyan. Manyan ƙwayoyin suna shan haske kamar yadda dunƙulen gishirin ya saba, amma duk ƙanƙantar ƙwaya, hasken da take sha sai ya ƙara karkata wajen shuɗi. Ya buga sakamakon a 1981, kuma a 1982 Alexander Efros ya fitar da lissafin da ke bayyana shi.

Zamanin yaƙin cacar baka ne, labarin bai tsallaka da wuri ba. A Bell Labs da ke Amurka, Louis Brus yana nazarin ƙwayoyin CdS da ke yawo a cikin ruwan sinadari, ba tare da sanin aikin Ekimov ba. Ya lura cewa samfurin da aka bari ya kwana ba ya shan haske kamar sabo. Da ya bincika, sabbin ƙwayoyin nanomita 4.5 ne, tsofaffin kuwa sun kumbura zuwa kusan 12.5, saboda ƙananan suna narkewa suna ciyar da manya. Ya buga nasa a 1983.

To, me ke faruwa a ciki? Waɗannan sinadarai semikondakta ne. A cikinsu ilektaron yana da bene biyu, na ƙasa da na sama, da tazara a tsakani. Idan haske ya buge shi, sai ya haye sama ya bar gurbi a ƙasa. In ya faɗo ya cike gurbin, sai ya mayar da ƙarfin a matsayin haske, kuma faɗin tazarar ne ke yanke launinsa: ƙaramar tazara ja, babba shuɗi. A dunƙulen CdSe tazarar ba ta motsi, ilektaron-bolt 1.74 ce, komai ka fasa shi, muddin gutsuren bai kai ƙanƙantar 'yan nanomita ba.

Amma ilektaron yana da halin igiyar ruwa, kuma shi da gurbinsa suna buƙatar fili. A CdSe, nisan da suka saba bari tsakaninsu nanomita 5 zuwa 6 ne. Idan ƙwayar ta gaza ba su wannan fili, sai igiyar ta takura. Duk wanda ya ga mai molo yana danne tsirkiya ya san sauran: in tsirkiya ta gajarta, sautinta sai ya yi sama. Haka igiyar ilektaron take. Takurar tana ɗaga ƙarfinta, tazara ta buɗe, launi ya gusa daga ja zuwa kore, daga kore zuwa shuɗi. Wannan ne ake kira takurar kwantam, ƙwayoyin kuma ɗigon kwantam.

Mu auna da misali. Tsawon zangon haske a nanomita ana samun sa da λ = 1240 / E, inda E take tazarar a ilektaron-bolt. Dunƙulen CdSe yana ba da kusan 713, can ƙarshen jan da ido ke gani. Ƙwaya mai faɗin nanomita 6 tana da tazarar kusan 1.95, haskenta wajen 635, ja jawur. Mai faɗin 2.5 kuwa tana kai kusan 2.38, haskenta wajen 520, kore shar. Lissafi mai sauƙi ya ce in ka raba faɗin biyu, ƙarin ƙarfin zai ninka huɗu. Da haka ne, ƙarin 0.21 na babbar ƙwayar zai haura 1.2 a ƙaramar. Amma abin da ake samu bai wuce 0.64 ba. Lissafin yana zuguiguita ƙananan ƙwayoyi, domin ya ɗauki bangon ƙwayar kamar katangar da ba a tsallakawa, alhali igiyar tana ɗan leƙawa waje, ga kuma jan da ke tsakanin ilektaron da gurbinsa yana rage wani abu. Shi ya sa masu aikin suke dogara da jadawalin da aka gwada da madubin ilektaron.

Gano abu daban, iya yin sa daban. Kusan shekara goma ƙwayoyin da ake samu gauraye suke, manya da ƙanana, launinsu a dagule. Moungi Bawendi, wanda ya fara aiki a ɗakin binciken Brus a 1988, shi ya warware matsalar a jami'ar MIT a 1993, tare da Christopher Murray da David Norris. Sun ɗora wani ruwan sinadari mai kauri a zafin kusan digiri 300, suka zuba haɗin kadmiyam da seleniyam da sirinji a bugu ɗaya. Nan take 'ya'yan kiristal suka tsiro a lokaci guda, kamar shukar da ta sha ruwan farko rana ɗaya. Sanyin abin da aka zuba ya sauke zafin, sabon tsiro ya tsaya. Sai suka riƙa ɗaga wutar a hankali, ƙwayoyin suna girma tare, ruwan yana rikiɗa daga rawaya zuwa ruwan lemo zuwa ja. In launin da ake so ya zo, sai a sauke.

Idan aikin ya ɓaci, hasken kansa ne ke tona asiri. Ƙwayoyi masu girma ɗaya suna ba da siririn tsini a na'urar auna haske, faɗinsa wajen nanomita 30. In tsinin ya baje, girma ya gauraya, galibi don an bar tukunya ta daɗe har manya suka fara cin ƙanana. In kuma haske ya dushe, ko wani faffaɗan tudu ya ɓullo ta wajen ja, to laifin fatar ƙwayar ne: atam ɗin da ke bakin gaɓa suna kama ilektaron kafin ya koma gurbinsa. A 1996 Margaret Hines da Philippe Guyot-Sionnest suka nuna cewa lulluɓe CdSe da siririn ɓawon ZnS yana toshe waɗannan tarkuna, haske ya ƙaru sosai.

A 2013 kamfanin Sony ya fitar da talabijin mai ɗigon kwantam. Shuɗiyar fitila ce ke haskawa daga baya, manyan ƙwayoyi su mayar da wani kaso ja, ƙananan su mayar da wani kore. Da yake kadmiyam guba ne, wasu kamfanoni sun koma ga InP, kuma ƙa'idar girma da launi ba ta canza ba. A 2023 aka ba Ekimov da Brus da Bawendi kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai, shekara 42 bayan takardar farko ta Leningrad.