Hz da ms a kwalin allon kwamfuta: abin da lambobin ke nufi ga mai zaɓe tsakanin allon ofis da na wasa

A jikin kwalin allon kwamfuta akwai lambobi biyu da masu sayarwa suka fi nuna wa mai saye. Ɗaya tana ƙarewa da Hz, kamar 60 Hz ko 144 Hz. A kwali mai Faransanci ana rubuta mata taux de rafraîchissement, a mai Turanci kuma refresh rate. Ɗayar tana ƙarewa da ms, kamar 5 ms ko 1 ms, kuma ita ce temps de réponse ko response time. Abubuwa biyu ne daban, kuma rashin bambance su yakan sa mutum ya biya kuɗin saurin da ba zai taɓa gani ba.

Yawan sabunta hoto

Motsin da ake gani a allo hotuna ne tsayayyu da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Lambar Hz tana faɗin sau nawa allon ke sabunta hoton a cikin daƙiƙa guda. Allo mai 60 Hz yana sabuntawa sau 60, mai 144 Hz kuma sau 144. Wannan lamba ba ta da alaƙa da 50 Hz na wutar lantarkin da ake amfani da ita a Nijar, Najeriya, Kamaru ko Gana, don haka allo mai 60 ko 144 yana aiki da wutar gida ba tare da matsala ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lambar ita ce a raba 1000 da ita, tun da ms ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A 60 Hz kowane hoto yana zama 16.7 ms kafin wani ya maye gurbinsa. A 144 Hz yana zama 6.9 ms, a 240 Hz kuma 4.2 ms. Tashi daga 60 zuwa 144 yana rage kusan 10 ms, kuma yawancin mutane suna ganin bambancin da zarar sun ja linzami. Tashi daga 144 zuwa 240 bai kai ragin 3 ms ba, shi ya sa galibi sai masu gasar wasannin harbi ne ke damuwa da shi.

Lokacin sauya launi

Hoton allo an gina shi ne da miliyoyin ƙananan ɗigo, kowanne da launinsa. Lambar ms tana faɗin tsawon lokacin da ɗigo ɗaya ke ɗauka kafin ya bar wani launi ya koma wani. Idan ɗigon bai gama sauyawa ba har sabon hoto ya iso, sai a ga wata inuwa tana bin bayan duk abin da ke motsi.

A nan ne lambobin biyu suke haɗuwa. Ya kamata ɗigo ya gama sauya launi kafin lokacin hoto ɗaya ya ƙare. Allon ofis mai 60 Hz da 8 ms ba shi da laifi, domin 8 ba ta kai rabin 16.7 ba. Amma 8 ms ɗin nan a allo mai 144 Hz ta wuce 6.9, saboda haka hoto zai riƙa hawa kan ɗan'uwansa, motsin ya yi dishi-dishi.

Me ya sa 1 ms ta kwali ba ta cika zama gaskiyar aiki ba

Kamfanoni suna auna ms ta hanyoyi biyu. GtG shi ne lokacin sauyawa daga wani matakin launin toka zuwa wani, kuma lambar da ake bugawa galibi ita ce mafi kyawun sakamako, wanda aka samu bayan an ƙure wani saiti mai suna Overdrive. Saitin yana ƙara wa ɗigo ƙarfin lantarki don ya yi sauri, amma idan aka kai shi ƙarshe ɗigon yakan zarce launin da ake so, sai a ga wani farin gefe yana bin abin da ke motsi. Matakin tsakiya ya fi dacewa a yawancin alluna.

Hanya ta biyu ita ce MPRT. Ana samun 1 ms a nan ta hanyar kashe fitilar bayan allo da kunna ta tsakanin hotuna. Motsi yana fitowa fes, amma hasken allon yana raguwa, kuma ƙyaftawar tana gajiyar da idon wasu. Irin allon ma yana da tasiri: mai VA yana da baƙi mai kyau amma yakan yi jinkiri wajen fita daga launi mai duhu, mai IPS ya fi daidaito, mai OLED kuma yana sauya launi a ƙasa da 1 ms.

Misali: allo mai 144 Hz a kan kwamfutar ofis

A ɗauka wani ya sayi allo mai inci 24, 1920×1080, 144 Hz, ya haɗa da kwamfutar ofis da ba ta da katin hoto na daban. Abu na farko da za a duba shi ne waya. Wayar VGA yawanci tana tsayawa a 60 ko 75 Hz, kuma alluna da dama ba sa ba da cikakken saurinsu ta tsohuwar mahaɗar HDMI 1.4. DisplayPort 1.2 ko HDMI 2.0 suna ɗaukar 144 Hz a wannan girman hoto.

Na biyu shi ne saiti, domin Windows kan bar sabon allo a 60 Hz. Ana shiga Settings, System, Display, Advanced display a zaɓi 144. A kwamfuta mai Faransanci ana farawa daga Paramètres da Système.

Na uku shi ne ƙarfin kwamfutar. Idan wasan yana fitar da hoto 50 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa 50 fps, sabon hoto yana zuwa ne duk bayan 20 ms. Allon zai maimaita hoto ɗaya kusan sau uku, motsin kuma na 50 ne duk da 144 da ke jikin kwali. Idan saurin allo da na wasa ba su daidaita ba, hoton yakan tsage a kwance. FreeSync da G-Sync suna magance wannan ta hanyar sa allon ya bi saurin katin hoto. Haka nan PlayStation 4 da ake gani a gidajen wasan ƙwallo ba ta wuce 60 Hz, ita kuwa PlayStation 5 tana kai wa 120 a wasannin da aka tsara don haka.

Wanne ya dace da wa

Mai aikin rubutu, lissafi, hidimar kwafi da buga takardu ko kallon bidiyo, 60 zuwa 75 Hz da 5 ms sun ishe shi, tun da finafinai galibi hoto 24 ne a daƙiƙa, shirin talabijin kuma 25 ko 30. Gara ya sa kuɗinsa a allo mai IPS, mai rubutu tsaf da ƙafar da ake ɗagawa a sauke. Mai wasan harbi ko tsere, wanda katin hotonsa ke fitar da sama da 100 fps, shi ne zai ci moriyar 144 Hz.

Kafin a biya, musamman idan allon na hannu ne, a sa mai shago ya kunna shi, a duba Hz a saiti, sannan a ja taga mai farin rubutu a kan baƙin fage. Doguwar inuwa a bayan rubutun alamar jinkirin sauya launi ce, farin gefe kuma alamar Overdrive ya yi yawa ne, wanda ake ragewa daga maɓallan jikin allon.